Baƙi Uku, Ma'auni Goma: Inda Mai Fassarar Larabci Ke Tuntuɓe

Akwai kalmomi biyu da ke yawan fitowa a jaridun Larabci duk lokacin da wani babba ya bar kujerarsa: aƙaala da istaƙaala. Tushensu ɗaya ne. Amma idan aka yi amfani da aƙaala, shugaba ne ya sauke minista daga muƙaminsa. Idan kuwa istaƙaala aka ce, ministan ne da kansa ya nemi a sauke masa nauyin, wato ya yi murabus. Mai fassarar labarai da ya cakuɗa su zai mayar da korarre mai murabus, ko ya kori mutumin da ya ajiye aiki don raɗin kansa. Abin da ya raba kalmomin biyu ’yan baƙaƙe ne da aka ƙara a farko, kuma waɗannan ƙare-ƙaren suna da tsari sananne da ake karantawa a fannin da malamanmu ke kira sarfu ko tasrifi.

Yawancin aikatau na Larabci an gina su ne a kan baƙaƙe uku. Waɗannan ukun su ke riƙe da asalin ma'ana: k-t-b na rubutu, n-z-l na sauka, k-s-r na karyawa. Sai a zuba su cikin wani tsari na wasula da ƙarin baƙaƙe, kamar yadda mai buga bulo ke zuba ƙasa iri ɗaya cikin mazubi daban-daban, kowane ya fito da siffarsa. Wannan tsarin shi ake kira wazani, wato ma'auni. Malaman Larabci sun zaɓi kalmar fa'ala, "ya aikata", ta zama abin awo: fa tana wakiltar baƙin farko, ain na biyu, lam na uku. Saboda haka idan aka ce kalma tana kan istaf'ala, ana nufin an sa alif da sin da ta a gaban baƙaƙenta uku. A wannan rubutu, duk inda wasali yake da ja za a rubuta shi sau biyu, domin tsakanin kataba da kaataba wannan jan ne kaɗai bambanci.

Wanda ya yi karatun zaure, ya bi ta Lamiyyatul Af'al ta Ibn Malik, wanda ya rasu a 1274, ko Hisnur Rasin na Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, bai san ma'aunan nan da lamba ba. Abin da ya sani shi ne mujarradi, wato aikatau tsirara marar ƙari, da mazidi, mai ƙarin baƙi ɗaya ko biyu ko uku. Lambobin ɗaya zuwa goma Turawa masu nazarin Larabci ne suka sa, kuma ƙamusun Hans Wehr, wanda ya fito da Jamusanci a 1952 aka kuma fitar da shi da Ingilishi a 1961, ya ƙara yaɗa su a tsakanin ɗaliban jami'a. Ma'auni na ɗaya shi ne mujarradin, sauran tara su ne masu ƙari. Akwai wasu bayan na goma, amma ba safai ake cin karo da su ba sai a tsofaffin waƙoƙi.

Tushe ɗaya a ma'auni tara

Da wuya a sami tushen da ya shiga dukkan ma'aunan. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kusa cikawa shi ne ƙ-ɗ-', mai ma'anar yanka, kuma ya isa ya nuna mana yadda abin yake tafiya.

A ma'auni na ɗaya, ƙaɗa'a shi ne "ya yanke". A na biyu ana ɗora shadda a kan baƙin tsakiya, ƙaɗɗa'a, sai ya zama "ya yayyanka, ya daddatsa". A na uku ana jan wasalin farko, ƙaaɗa'a, yankan ya koma kan wani mutum: "ya yanke hulɗa da shi, ya ƙaurace masa", ko "ya katse masa magana". Daga nan ne kalmar muƙaaɗa'a ta fito, wadda jaridu ke amfani da ita idan an ƙaurace wa kayan wata ƙasa ko wani zaɓe. A na huɗu ana sa hamza a gaba, aƙɗa'a, "ya yanka masa fili ya ba shi", kamar yadda sarki ke yi wa barorinsa. Na biyar, taƙaɗɗa'a, shi ne sakamakon na biyu: "ya tsittsinke, ya daddatse". Na shida, taƙaaɗa'a, mutum biyu ne suka yanke zumunci da juna, ko hanyoyi biyu suka gitta juna. Na bakwai, inƙaɗa'a, abu ne ya yanke ba tare da an ambaci mai yankewa ba, kuma da shi Balarabe ke cewa ruwan sama ya ɗauke ko wutar lantarki ta ɗauke. Na takwas, iƙtaɗa'a, "ya yanki wani ɓangare ya ɗauka wa kansa". Na goma, istaƙɗa'a, a tsohon amfani "ya nemi a yanka masa fili", a harshen ofis na yau kuma "ya zaftare wani kaso", kamar daga albashi. Na tara ne kaɗai babu.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Mu ma muna cewa saya, sayar, sayo, saye, sayu, kuma babu yaron da zai ruɗe tsakanin "ya sayi doki" da "ya sayar da doki". Masana harshe suna sa Hausa da Larabci cikin babban dangi ɗaya, ko da yake nesa da juna, kuma tun 1960 F. W. Parsons ya tsara aikatau na Hausa cikin rukuni bakwai bisa irin wannan sauyi na ƙarshen kalma. A ganina wannan babbar dama ce ga mai fassara zuwa Hausa, domin sau da yawa harshensa yana da kalma guda da za ta ɗauki abin da ma'aunin Larabci ya ɗauka, ba sai ya yi dogon zagaye ba.

Na biyu da na huɗu: sa wani ya aikata

Waɗannan biyun su ne aka fi sani da ma'anar sanyawa. Jalasa, ya zauna; ajlasa, ya zaunar. Nazala, ya sauka. Anzala, ya saukar. Alima, ya sani. A'lama, ya sanar. Duba yadda "r" ɗin Hausa ta ƙarshe ke yin daidai aikin da hamzar Larabci ke yi a farko. Na biyu ma yana wannan aikin: fariha, ya yi farin ciki, farraha, ya faranta masa. Sai dai inda tushe ɗaya ya shiga ma'aunan biyu, sukan raba aiki. A'lama sanarwa ce ta lokaci ɗaya, ka faɗa wa mutum labari ka wuce. Allama kuwa koyarwa ce, mai ɗaukar lokaci da maimaici, kuma daga mu'allim ne muka sami kalmarmu ta malam. Wanda ya fassara a'lama da "ya koyar" ya ƙara wa magana abin da babu a cikinta.

Wannan ma'anar maimaici ita ce ginshiƙin ma'auni na biyu, malamai suna kiranta taksiri, wato yawaitawa. Kasara, ya karya. Kassara, ya kakkarya. Ɗaafa, ya zaga. Ɗawwafa, ya zazzaga. A Suratu Yusuf, inda ake ba da labarin rufe ƙofofi, aikatau ɗin ya zo a kan wannan ma'auni, kuma masu tafsiri sun ce hakan na nuna yawan ƙofofin ko tsananta rufewar. Hausa tana da amsar a shirye: "ta rurrufe" ko "ta kukkulle". Idan aka ce "ta rufe" kawai, an zubar da shaddar.

Amma kada a ɗauka duk shadda yawaitawa ce. Akwai wata tsohuwar muhawara da ke nuna iyakar ƙa'idar. A farkon Suratu Ali Imrana an ambaci saukar da Alƙur'ani da nazzala, aka ambaci saukar da Attaura da Linjila da anzala. Zamakhshari, mai tafsirin Kashshaf, wanda ya rasu a 1144, ya ce dalili shi ne Alƙur'ani ya sauka kaɗan-kaɗan, su kuwa biyun sun sauka gaba ɗaya. Bayan shekaru ɗari biyu Abu Hayyan na Andalus, wanda ya rasu a 1344, ya ƙi yarda, ya ce shaddar nan aikin hamza kawai take yi na sanyawa. Masu wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi a Suratul Furƙan, inda kafirai ke tambayar me ya sa ba a saukar da Alƙur'ani a dunƙule ba, kuma aikatau ɗin ya zo a ma'auni na biyu tare da kalmar da ke nufin gaba ɗaya. Darasin ga mai fassara shi ne kada ya rubuta "a hankali a hankali" duk inda ya ga nazzala. Idan zai sa ta, ya san cewa ra'ayin wani mai tafsiri ya ɗauka, ya kuma nuna wa mai karatu haka.

Ma'auni na biyu yana da wani aiki da ya fi waɗannan haɗari, wato jingina wa mutum wata siffa. Kazaba shi ne ya yi ƙarya, amma kazzaba ba ya nufin ya shirga ƙarairayi, ba ya kuma nufin ya sa wani ya yi ƙarya. Ma'anarsa ya ce wa wani maƙaryaci. Haka sadaƙa, ya yi gaskiya. Saddaƙa, ya yarda cewa wani ya faɗi gaskiya. Haka kaffara, ya jingina wa wani kafirci. Nan ma Hausa ta tanadi kayan aiki: ƙaryata, gaskata, kafirta. Mu a nan muna da misali a kusa. A farkon Suratul Baƙara, a ayar da ta faɗi dalilin azabar munafukai, ruwayar Hafsu tana karanta aikatau ɗin a ma'auni na ɗaya, ruwayar Warshu kuwa, wadda ita ce ta makarantun allonmu tun da daɗewa, tana karanta shi a na biyu. A ɗaya ana nufin saboda ƙaryar da suke yi, a ɗayar saboda ƙaryatawar da suke yi. Duka biyun ƙira'o'i ne ingantattu, amma mai fassara dole ya san da wacce yake aiki.

Sai kuma abin da ake kira salbu, wato gusarwa, inda ƙarin yake juya ma'ana gaba ɗaya. Marida, ya yi rashin lafiya; amrada, ya sa masa ciwo; amma marrada, ya yi jinyarsa. Ƙasaɗa, ya yi zalunci. Aƙsaɗa, ya yi adalci. Shi ya sa a Alƙur'ani masu aƙsaɗa abin yabo ne, masu ƙasaɗa kuwa a Suratul Jinn makamashin wuta ne. Hamza ɗaya ce tsakanin azzalumi da adali. Kuma wani lokaci na huɗu ba ya sa kowa komai, shiga lokaci kawai yake nunawa: asbaha, ya wayi gari, amsaa, ya kai maraice.

Na uku da na shida: akwai wani a gefe

Idan aka ja wasalin farko, an shigo da mutum na biyu cikin aikin. Jalasa, ya zauna. Jaalasa, ya zauna tare da wani. Kataba, ya rubuta; kaataba, ya yi musayar wasiƙa da wani. Kalmomin aro da yawa a bakinmu daga nan suka zo, kuma duk suna buƙatar abokin yi: mu'amala, muhawara, musabaƙa, musafaha.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne bambanci tsakanin gwadawa da cin nasara. Sara'a shi ne ya kayar da shi, saara'a kuwa ya yi kokawa da shi, ko ya kayar ko an kayar da shi. Sabaƙa, ya riga shi. Saabaƙa, ya yi tsere da shi. Ƙatala, ya kashe shi. Ƙaatala, ya yaƙe shi. Wannan na ƙarshen shi ne mafi nauyi, domin a littattafan tarihi da na fiƙihu da labaran yaƙi na yau kalmomin biyu suna zuwa kusa da juna, kuma alif ɗaya ne ya raba su a rubuce. Wanda ya fassara ƙaatala da "ya kashe" ya kashe mutanen da wataƙila sun koma gida da ƙafafunsu, ya kuma mayar da hukuncin fafatawa tsakanin runduna biyu hukuncin kisa. Kuskure ne da ke iya kai jahili ga ɓarna, shi ya sa bai kamata a yi masa sakaci ba.

Na shida shi ne na uku da ƙarin ta a gaba, kuma yana ɗauke bambancin wanda ya fara da wanda aka fara wa. A na uku ana cewa Zaidu ya yaƙi Amru, ɗaya mai aikatawa, ɗaya wanda aikin ya faɗa wa. A na shida, taƙaatalaa, su biyun sun yaƙi juna. Kalmar "juna" ita ce mabuɗinsa a Hausa: ta'aawanuu, sun taimaki juna, tasaalahuu, sun sasanta da juna.

To idan mai aikatawa mutum ɗaya ne fa? Nan ne na shida yake ɗaukar ma'anar nuna abin da babu. Tamaarada, ya yi ciwon ƙarya. Tanaawama, ya yi kamar yana barci. Tajaahala, ya nuna kamar bai sani ba, kuma a Larabcin jarida yakan zama "ya yi biris da". Wanda ya fassara tajaahala da "ya jahilta" ya wanke mai laifi, domin mutumin ya sani sarai. Duk da haka ƙa'idar tana da iyaka da kowane Musulmi ya sani ko bai karanta sarfu ba. Ta'aalaa da tabaaraka suna kan wannan ma'auni, kuma babu "juna" ko "kamar" a cikinsu, suna nuna matuƙar ɗaukaka da yawan albarka ne. Haka a na uku, saafara tafiya ce kawai, ko mutum shi kaɗai ya yi ta.

Na biyar, na bakwai da na takwas: aikin ya dawo gida

Waɗannan ukun su ake cewa suna mayar da aiki kan mai shi. Malaman sarfu suna kiran ma'anar muɗawa'a, wato karɓar tasiri: na yi wa abu aiki, shi kuma ya yiwu. Na biyar yana amsa na biyu. Allamtuhu, na koyar da shi. Ta'allama, ya koya. Farraƙa, ya rarraba. Tafarraƙa, ya rarrabu. Na bakwai yana amsa na ɗaya: kasara, ya fasa, inkasara, ya fashe. Na takwas ma yakan yi haka: jama'a, ya tara, ijtama'a, ya taru. Tara da taru, raba da rabu, gyara da gyaru, duk irin wannan dangantaka ce.

Babban kuskure a nan shi ne cakuɗa na bakwai da aikatau wanda aka ɓoye mai aikata shi. Kusira da inkasara ba abu ɗaya ba ne. Kusira yana nufin an fasa, akwai mai fasawa amma ba a ambace shi ba. Inkasara yana nufin ya fashe, ba a ma kawo zancen mai fasawa ba. Ka ɗauka ana fassara takardar shaida a gaban alƙali game da tulun da aka ba wani ajiya. Idan shaida ya ce inkasara, aka rubuta "an fasa shi", an buɗe ƙofar tuhuma da shaidar bai buɗe ba. Idan ya ce kusira, aka rubuta "ya fashe", an rufe ƙofar da ya buɗe. Hausa tana rarrabe su da "an" da kuma wasalin ƙarshe, don haka mai fassara ba shi da uzuri.

Na bakwai ba ya ɗaukar abin da aiki zai faɗa wa, kuma galibi sai a ayyukan da ake gani da ido, kamar fasawa da yankewa da juyawa. Daga inƙalaba, ya juye, aka sami inƙilaab, juyin mulki. Idan tushe ya fara da ra ko lam ko nun ko wau, nun ɗin ma'aunin ba ta zama daɗin furtawa, sai na takwas ya karɓi aikin: rafa'a, ya ɗaga, irtafa'a, ya ɗagu, naƙala, ya ɗauke zuwa wani wuri, intaƙala, ya ƙaura.

Na biyar yana da wata ma'ana mai kyau da ake kira takallufi, wato ɗora wa kai. Sabara, ya yi haƙuri. Tasabbara, ya daure ya tilasta wa ransa haƙuri. Tashajja'a, ya yi ta maza. Tun zamanin Sibawaihi malamai sun rarrabe wannan da na shida: mai tahallama yana son ya zama mai haƙuri da gaske, yana fama ne ya kai, amma mai tajaahala ba ya son jahilci, nunawa kawai yake yi. Don haka "ya yi kamar" ta dace da na shida, ba ta dace da na biyar ba. Wani lokaci kuma na biyar nisanta yake nunawa. Hujuud barci ne, tahajjada kuwa ya ƙaurace wa barci, kuma ita ce tahajjudin da ake yi a goman ƙarshe na azumi.

Na takwas shi ne mafi wuyar kamawa. Sau da yawa yana nuna niyya da himma, ko yi wa kai. Sami'a, ya ji, ko da bai so ba. Istama'a, ya saurara. Baa'a, ya sayar. Ibtaa'a, ya saya. Jahada da ijtahada suka ba mu ijtihadi, wato zage ƙarfi wajen gano hukunci. Sunaye da yawa a gidajenmu daga wannan ma'auni suke: Muktar, zaɓaɓɓe, Murtala, yardajje, Mustafa, wanda aka tace aka zaɓa. Sunan Mustafa ma yana nuna wata matsala. Ta ɗin ma'aunin tana rikiɗa idan ta haɗu da wasu baƙaƙe: bayan sad ta koma ɗa, kamar a isɗabara daga sabara, bayan zai ta koma dal, kamar a izdaada daga zaada, wau kuma takan narke cikinta, kamar a ittasala daga wasala. Ɗalibin da bai san haka ba zai yi ta neman ittasala ƙarƙashin ta a ƙamus, alhali tana ƙarƙashin wau.

Na tara da na goma

Na tara ba shi da wahala. Launi ne ko naƙasar jiki, da shadda a baƙin ƙarshe: ihmarra, ya yi ja, iswadda, ya yi baƙi, i'wajja, ya karkace. Abin lura kawai shi ne yana nufin zama, wato sauyawa daga wani hali. Ihmarra wajhuhu fuskarsa ce ta yi ja a lokacin, saboda fushi ko kunya.

Na goma kowa ya san shi da nema, kuma ibadunmu sun cika da shi: istigfari neman gafara, istihara neman zaɓin Allah, istisƙa'i roƙon ruwa. Ista'zana, ya nemi izini. Istashfaa, ya nemi waraka, shi ya sa asibiti ya zama mustashfaa. Ma'anarsa ta biyu ita ce ganin abu a wata siffa: istahsana, ya ga kyansa, istasgara, ya raina shi, istahalla, ya ɗauke shi halal. Mustahabbi, abin da aka so, daga wannan ma'auni yake. Wanda ya haddace "nema" kaɗai zai faɗi a kan istajaaba, domin ba ya nufin ya nemi amsa, yana nufin ya amsa, kamar yadda muke cewa addu'a mustajaba. Haka istaƙarra, ya tabbata a wuri, da istaƙaama, ya miƙe daidai. Sannan a kula da istashhada, ya kafa hujja da wani abu, da ustushhida, ya yi shahada. A rubuce ba wasali kamanninsu ɗaya, amma a labarin yaƙi na biyun ake nufi kusan koyaushe.

Idan babu wasali

Wannan ita ce wahalar da ta fi damun mai fassarar yau, domin jarida da takardar ofis da yawancin littattafai ba sa sa wasali, shadda ma sai an ga dama. Baƙaƙen y-n-z-l ana iya karanta su yanzilu, yana sauka. Yunzilu, yana saukarwa. Yunazzilu, a ma'auni na biyu. Ko yunzalu da yunazzalu, ana saukar da shi. Karatu biyar a rubutu guda.

Idan da kunne aka ji maganar, akwai alama mai sauƙi. Ma'auni na biyu da na uku da na huɗu, da yake baƙaƙensu huɗu ne, suna farawa da rufu'a a aikatau na yanzu: yu. Na ɗaya da sauran suna farawa da fataha, ya, sai fa idan an ɓoye mai aikatawa. A rubuce kuwa sai a duba abin da ke biye. Idan jimlar ta ce y-n-z-l sannan matafiyi sannan "daga jirgi", babu abin da aikin ya faɗa wa, yanzilu ne, matafiyi yana sauka. Idan ta ce y-n-z-l sannan ma'aikaci sannan kaya, sunaye biyu a jere ba harafi a tsakani, to na biyu ne ko na huɗu, ma'aikaci yana sauke kaya. Idan kayan ne kaɗai suka biyo baya, sai a yi tunanin "ana sauke kaya", tunda kaya ba sa sauka da kansu.

Hanya ta biyu ita ce neman masdari, wato sunan aikin, a wani wuri cikin rubutun, domin shi ba ya ɓoye ma'auninsa ko da babu wasali. Marubucin da ya yi amfani da y-n-z-l a nan sau da yawa zai ce tanziil ko inzaal ko nuzuul a can, kuma hakan ya warware. Kunnen Bahaushe ya riga ya saba da waɗannan siffofi. Tafsiri, tauhidi da tarbiyya na biyu ne. Jihadi da mu'amala na uku. Imani da ihrami na huɗu. Tawakkali da taimama na biyar. Tawali'u na shida. I'itikafi da ijtihadi na takwas.

A kuma yi hattara da kalmomin da suka fara da ista. Ba dukansu ne na goma ba. A cire alif da sin da ta, a ƙirga abin da ya rage. A istagfara baƙi uku suka rage, g-f-r, saboda haka na goma ne. A istama'a biyu suka rage, mim da ain, wanda ke nuna sin ɗin ta tushe ce, kalmar kuma ta takwas ce daga s-m-'. Haka istalama, ya karɓa, da istabaƙa. Sai dai ƙirgar tana buƙatar kula idan tushen yana da baƙi mai rauni ko mai ninki. A istaƙaala alif ɗin tsakiya yana tsaye ne a madadin ya ta tushe, a istaƙalla kuma lam biyu ne aka haɗe da shadda, don haka duka biyun na goma ne, na biyun yana nufin ya sami ’yancin kai, kuma masdarinsa shi ne istiƙlaal.

Bayan an gano tushe da ma'auni, saura a buɗe ƙamus. Malaman sarfu da kansu sun ce waɗannan ma'anoni mafi yawansu sama'i ne, wato an ji su ne daga bakin Larabawa, ba kowa ke ƙera su da ƙiyasi ba. A ƙamusun Wehr za a tarar da ma'aunan jere da lambobin Rumawa a ƙarƙashin tushe, kowanne da harafin da yake tafiya da shi. A Lisanul Arab na Ibn Manzur babu lamba, sai an bi bayanin tushen an tsinci siffar da ake nema, kuma a tsofaffin bugunsa an jera kalmomi ne bisa baƙin ƙarshe, don haka ƙ-ɗ-' tana babin ain, fasalin ƙaf.